Ido Ya Saba, Zuciya Ta Bi: Kada Mu Ɗauki Sabo a Matsayin Cancanta

Da wuya ka sami ma'aikacin da ya gamsu da hoton da ke jikin katin shaidarsa na aiki. Zai dube shi ya ce mai hoton bai iya ba, ko hasken ɗakin ne ya ɓata shi. Abokan aikinsa kuwa su karɓa su duba, su ce ai shi ne sak, har ma ya yi kyau. Duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗi. Fuskar ɗan Adam ba ta daidaita ɗari bisa ɗari tsakanin dama da hagu, kuma fuskar da mutum yake gani kowace safiya a madubi juyayyiya ce. A shekarar 1977 wasu masu bincike uku a Amurka, Mita da Dermer da Knight, sun nuna wa mata hotunansu iri biyu, ɗaya yadda kyamara ta ɗauka, ɗaya a juye kamar a madubi. Yawancin matan sun zaɓi juyayyen, makusantansu kuma suka fi karkata ga na ainihin. Kowa ya zaɓi fuskar da idonsa ya saba da ita, ya kira ta mafi kyau.

Wannan ƙaramin al'amari ne idan ya tsaya a kan katin shaida. Abin da ya sa na ɗauko shi shi ne, ɗabi'ar da ke sa mu ƙi hotonmu ita ce kuma take zama tare da mu a kwamitin tantancewa, ranar da za a yanke wa za a tura kwas, wa za a ba riƙon sashe, wa kuma za a gabatar wa mai girma minista.

Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc na Jami'ar Michigan shi ne ya kafa wannan batu a kan gwaji a 1968. Ya riƙa nuna wa mutane hotunan fuskokin samarin da ba su sani ba, na ɗan lokaci kaɗan. Wata fuskar sau ɗaya, wata sau biyu, wata biyar, wata goma, wata har sau 25. Da aka tambaye su wanne daga cikin samarin suke jin za su fi so, sai amsa ta bi yawan gani. Ya maimaita gwajin da kalmomi marasa ma'ana da kuma alamomi masu kama da rubutun Sinanci, sakamakon bai sauya ba. Ba a yabi kowace fuska ba, ba a ba da lada ba. Ganin kawai ya wadatar.

Gwajin da ya fi kusa da rayuwar ofis shi ne wanda Richard Moreland da Scott Beach suka wallafa a 1992. Sun zaɓi mata huɗu masu kusan kamanni ɗaya da ɗaliban jami'a, waɗanda aka riga aka tabbatar babu wadda ta fi wata jan ido a hoto. Aka sa su shiga wani babban aji kamar ɗalibai. Ɗaya ta halarci darasi sau 15 a zangon karatun, ta biyu sau 10, ta uku sau 5, ta huɗu kuwa ba ta taɓa leƙa ajin ba. Umarnin da aka ba su shi ne su shigo, su zauna inda za a gan su, su rubuta darasi, su fita, ba tare da sun yi magana da kowa ba. A ƙarshen zango aka nuna wa ɗalibai 130 hotunansu, aka ce su auna su. Gwargwadon yawan zuwan mace, gwargwadon yadda aka ga kyawunta, aka kuma ji sha'awar yin abota da ita. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, kusan babu ɗalibin da ya iya tuna ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu. Sabon ya yi aikinsa ba tare da masu shi sun sani ba.

Masana suna bayyana hakan ta hanya biyu da ba sa karo da juna. Ta farko, abin da ƙwaƙwalwa ta taɓa gani yakan fi sauƙin ganewa a karo na biyu, kuma wannan sauƙin yana zuwa da ɗan daɗi. Mutum ba ya cewa "na gane wannan da sauri", sai ya ce "wannan ya kwanta mini a rai". Ta biyu, baƙon abu yakan sa jiki ya ɗan ɗaure don taka-tsantsan. Duk lokacin da aka sake haɗuwa da shi ba tare da ya cutar ba, ɗaurewar takan ragu, natsuwa ta maye gurbinta. Bahaushe ya daɗe da lura da ƙarfin abin, shi ya sa yake cewa sabo ake wa kuka.

Yanzu mu shigo Sakatariyar Tarayya. A ɗauka akwai jami'ai biyu a mataki ɗaya, shekarun aikinsu ɗaya. Na farko teburinsa yana hedikwata, a hanyar da darakta yake bi. Ba ya roƙo, ba ya fadanci, gaisuwa ce kawai a bakin lifta da wajen ajiye motoci. Sau biyu a mako kaɗai, cikin wata shida an haɗu kusan sau hamsin. Na biyu yana ofishin ma'aikatar a Jalingo ko Yenagoa, rahotanninsa ne suke zuwa, fuskarsa ba ta zuwa. Ranar tantancewa dukansu suka amsa tambayoyi daidai gwargwado. Bayan sun fita, wani a kwamitin ya ce, "Na farkon nan ya fi natsuwa, akwai alamar shugabanci a tare da shi." Babu wanda ya karɓi ko sisi, babu wanda ya yi waya. Amma an yi rashin adalci, kuma wanda ya yi shi zai iya rantsuwa cewa zuciyarsa ɗaya. Hatsarin ke nan: son kai na gangan yana da kunya, ana iya kama shi, shi kuwa wannan yana zuwa ne da rigar kyakkyawan zato.

Za a ce mini, ai sanin mutum ba laifi ba ne, wanda ka yi aiki da shi ka fi sanin amanarsa. Haka ne, amma akwai bambanci tsakanin sani da sabo. Sani yana da abin nunawa: ga takardar da ya tsara, ga ranar da aka ba shi aiki ya kammala kafin wa'adi, ga kuskuren da ya gano a kasafin sashe. Sabo ba shi da ko ɗaya. Matan nan na ajin Moreland ba su furta kalma ba, amma aka fifita su. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka ji wani ya kwanta maka, nemi abubuwa uku da ya yi waɗanda za ka iya rubutawa a takarda ka sa hannu. In ka rasa, to fuskarsa ka sani, ba aikinsa ba.

Sai dai kada hadimai da masu neman kusanci su ɗauka an ba su sirrin ɗaukaka, domin abin yana da iyaka. Robert Bornstein ya tattara gwaje-gwaje sama da 200 a 1989, ya ga cewa tasirin ya fi ƙarfi idan ganin gajere ne, kuma yakan daina ƙaruwa bayan an maimaita kamar sau goma zuwa ashirin. Abu mai sauƙin fasali ma yakan gundura da wuri. Haka nan, in tun farko an ƙi abu, ko an haɗa shi da ɓacin rai, yawan ganinsa na iya ƙara ƙiyayyar. Ma'aikacin da yake tsayawa a ƙofar babban sakatare kullum da buƙata a hannu ba sabo yake ginawa ba, gajiya yake tarawa. A nan ne ɗayan karin maganar yake shigowa, wanda aka tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Maganganun biyu ba sa rushe juna. Gani mara nauyi yana jawo ƙauna, gani mai ɗora kaya yana jawo raini.

Haka lamarin yake ga salo. James Cutting na Jami'ar Cornell ya nuna a 2003 cewa in aka yawaita haska wa ɗalibai zanen da ba su shahara ba na masu zanen Faransa, fifikon da suke ba shahararrun yakan dushe. Amma bayan shekara goma Aaron Meskin da abokan aikinsa a Ingila suka gwada da zanen Thomas Kinkade, wanda masu sharhi suke ganin aikinsa ba shi da zurfi, sai ƙaunar ɗalibai gare shi ta ragu da yawan gani. Wato maimaici yana sassauta baƙunta, amma yana kuma tona aibin da kallon farko ya ɓoye.

Na ga wannan a teburin tace labarai. Duk lokacin da aka sauya fasalin shafi ko ƙirar haruffan kanun labari, ƙorafi yakan cika mako na farko. Bayan wata biyu yawancinsa ya mutu, har wasu su ce tsohon ne ya yi musu nauyi a ido. Ƙorafin da ya rage bayan nan shi muke ɗauka da muhimmanci, domin yakan ambaci abu takamaimai: haruffan sun yi ƙanana a waya, launin yana hana karatu. Wannan darasi ne ga duk wanda yake kawo sabon fom, sabon tsarin rubuta takardar ofis ko sabon tambari a ma'aikata. Ihun makon farko ba hujjar muni ba ne, shirun wata na uku kuma ba hujjar inganci ba ne. Abin tambaya shi ne ko aikin ya ƙara sauri, ko kurakurai sun ragu.

Saboda haka abin da nake kira a yi bai wuce uku ba. A fara auna aikin rubuce da lamba a maimakon suna, a kammala ba da maki kafin a ga fuskokin masu shi. A rubuta ma'aunan tun kafin zama, kuma kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a buɗe tattaunawa, don kada sabon mutum ɗaya ya zama ra'ayin kowa. Sannan duk wanda ya ce ɗan takara "ya fi dacewa" a nemi ya nuna shafin da ya ga hakan a cikin fayil.

Ba za mu iya hana ido sabawa ba, kuma ba ma so, domin da shi ne baƙo yake zama maƙwabci a gari irin Abuja, inda kusan kowa daga wani wuri ya zo. Amma kujerar gwamnati amana ce, kuma jami'in da yake Jalingo bai aikata laifin komai ba don ba ya hawa lifta ɗaya da darakta.