Wasiƙar Mai Takaba ga Babban Gida: Kunya ba ta Zubar da Tumuni

A ƙasar Zamfara, idan mai takaba ta rubuta wa babban gida wasiƙa tana neman a fitar mata da rabonta da na 'ya'yanta, dangin miji kan ɗauki hakan rashin kara. Wannan hukunci ya kamata a sake duba shi, domin abin da take nema ba alfarma ba ce, haƙƙi ne da ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka yanke adadinsa.

A ƙaddara wani magidanci ya rasu a Tsafe, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gida a Gusau da gona a Bungudu. Bayan an cire kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, dukiyar ta tsaya a naira miliyan 8. Matar tana da tumuni, wato miliyan 1. Ragowar miliyan 7 na 'ya'yan ne: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Wan mamacin, wanda ake aika wa wasiƙar da ladabin kiransa Yaya, ba shi da ko sisi, domin ɗa namiji ya shamakance shi.

Cikas yakan taso ne daga gona. Babban gida kan ce ta gandu ce, zai riƙe har yara su girma. Amma a mazhabar Malikiyya, zama baffa kaɗai ba ya ba mutum ikon jujjuya dukiyar maraya. Wannan iko na wasiyyin da uba ya naɗa ne, in babu shi kuma sai wanda alƙali ya wakilta. Idan aka yi shiru, shaidu su tsufa, iyakoki su ɓace, riƙo ya rikiɗe ya zama mallaka.

Nan ne amfanin wasiƙar yake. Idan ta lissafa kadarorin, ta ambaci ragowar sadakin da ba a biya ba, wanda bashi ne da ake cirewa kafin rabo, ta kuma nemi a kira malamin gado da shaidu, to ta kafa hujja mai kwanan wata ba tare da ta kai ƙara ba.

Masu cewa wasiƙa tana ɓata zumunci suna da hanzari, domin takarda ta fi baki kaifi. Sai dai tun da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, babu babban gidan da zai ce bai san ƙofar alƙali a buɗe take ba. Matar da ta fara da wasiƙa ta zaɓi rufin asirin dangi ne. Abin da ya rage ga babban gida shi ne ya sa ranar rabo.