Bashin Barci a Kan Mai Barin Ƙwaya

A Kaugama da kewayenta akwai fatake masu cin kasuwar Gujungu da ta Maigatari, waɗanda tunanin bashi ya hana su runtsawa, har suka lazimci ƙwayar barci, watau Baliyam, wadda samari ke kira D5. Likitoci kuwa sun ƙayyade shanta da mako 2 zuwa 4. Wanda ya kai wata shida yana sha, to, jikinsa ya riga ya jingina da ita.

Dalili shi ne ƙwayar linzami take ja wa ƙwaƙwalwa. Idan aka daɗe ana ja mata, sai ta sassauta nata linzamin na halitta. Ranar da aka zare na aro farat ɗaya, sai ta zabura kamar dokin da ya tsinke.

Baliyam tana da wata yaudara da ya kamata malamai su sani. Tana jimawa cikin jini, saboda haka wanda ya zubar da ita, misali a daren farko na azumi da niyyar tuba, yakan yi kwana biyu ko uku lafiya lau, har ya yi hamdala. Tsakanin nan da cikar mako sai abu ya taso: ido ya bushe har kiran assalatu, fiye da yadda yake kafin ya san ƙwayar, ga gumi da makyarkyata da faɗuwar gaba da munanan mafarkai. Ƙarar taɓarya ma sai ta dame shi. A nan ne dangi kan ce sammu ne ko iska, shi kuwa ya ce tsohon ciwonsa ne ya dawo, ya koma wa ƙwayar har da ƙari. Alhali kuwa makyarkyatar nan ba ya tare da ita a da, kuma lokacin zuwanta shi ne shaida. Lalle malamin da aka kawo wa irin wannan, kafin ya ɗauki allo, ya fara tambaya: me ya bari, yaushe ya bari?

Niyyar bari kyakkyawa ce, amma da sannu ake sauka, a hannun likita. Mai shan miligiram 10 kowane dare akan rage masa kamar 1 duk mako biyu, da ƙaramar ƙwaya mai miligiram 2 da ake rabawa biyu. Wajen wata biyar ke nan, kuma matakan ƙarshe sun fi wuya. In wani mataki ya yi tsanani, a tsaya a kansa har jiki ya natsu, kada a koma sama. Goro da shayi kuwa a bar su daga la'asar.

Amma wanda ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, ko ya ruɗe yana ganin abin da babu, wannan kada a jira gari ya waye. A kai shi Babban Asibitin Haɗeja, tare da kwalin abin da yake sha.