Daga Ƙofar Wambai zuwa Kafin Zaki: kuɗin da ya riga ya tafi ba shi da gurbi a lissafin gobe

Duk lokacin da aka tayar da zancen madatsar ruwa ta Kafin Zaki da ke ƙaramar hukumar Ningi a jihar Bauchi, akwai hujjar da ba ta ɓacewa daga bakin jama'a, wato an riga an zuba dukiya, don haka tilas a ƙarasa. An bayar da kwangilar aikin a zamanin Shehu Shagari, aka soke ta a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994. Mai yiwuwa madatsar ta cancanci a gina ta, amma ba wannan hujja ce za ta tabbatar da hakan ba.

Ƙa'idar masana harkar kuɗi ita ce, idan za a jera kuɗin shiga da na fita na wani aiki, abin da shawarar yau za ta iya sauyawa kaɗai ake rubutawa. Kuɗin da aka riga aka kashe, wanda ba ya dawowa ko an ci gaba ko an fasa, aikin gama ya gama a kansa.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai, cikin garin Bauchi, ya ɗauki hayar fili na shekara huɗu domin kafa masana'antar ruwan leda. Ya biya haya, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sallami wanda ya rubuta masa rahoton nazarin kasuwa, duka naira miliyan 8, kuma ko sisi ba za a maido masa ba. Saura naira miliyan 6 na injin tacewa da na liƙe leda. Yana sa ran bayan cire albashi, man dizal da leda, zai riƙa samun naira miliyan 2.5 a shekara, wato miliyan 10 a shekara huɗu. Da yake nairar baɗi ba ta kai ta bana daraja ba, idan aka rage darajar kuɗin da kashi 20 cikin ɗari a kowace shekara, miliyan 10 ɗin nan ba ta wuce kimanin miliyan 6.5 a kuɗin yau ba.

Idan ya haɗa miliyan 8 ta baya da miliyan 6 ta gaba, zai ga miliyan 14 na fuskantar miliyan 6.5, ya karaya, ya rufe wurin. To, rufewar ba ta dawo masa da komai ba. Asarar miliyan 8 na nan daram. Da ya ƙarasa, da ya sa 6 ya karɓi 6.5, asarar ta ragu da rabin miliyan. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta fi babu.

Kuskuren ya fi muni ta ɗaya fuskar, kuma ita ce muka fi sabawa da ita. A ce masu ruwan leda sun yi yawa a gari, abin da zai samu ya faɗo zuwa miliyan 1.2 a shekara. Jimillar shekara huɗu miliyan 4.8 ce, ba ta ko kai kuɗin injinan ba. A nan ne za ka ji mutum na cewa ai ya yi nisa, ba zai bari a yi masa dariya ba. Abin da yake karewa mutuncinsa ne, kuma yana sayensa da sabuwar asara. Birtaniya da Faransa sun yi irin wannan da jirgin Concorde, har Turawa suka laƙaba wa kuskuren sunan jirgin.

Sai dai ba duk abin da aka saya jiya ne ya nutse ba. Idan, ban da waccan miliyan 8, ɗan kasuwar ya riga ya sayi janareto da za a iya sayarwa yau a kan miliyan 2, wanda kuma zai gama ƙarewa cikin shekara huɗu, wannan miliyan 2 tilas ta shiga lissafi, domin ci gaba da aikin ne zai hana shi ita. Farashin da ya saye shi ba ya shiga. Abin da kasuwa za ta ba shi yau shi ne ke shiga. Da haka kuɗin ƙarasawa ya zama miliyan 8, ya haura 6.5, shawarar ta juye zuwa sayarwa. Tambayar da ke raba su guda ce: idan na fasa yau, wannan kuɗin zai dawo hannuna?

Za a ce fitar da kuɗin baya daga lissafi tamkar wanke waɗanda suka yi almubazzaranci ne. Ban yarda ba. Bin kadin yadda aka kashe dukiyar jama'a aikin mai binciken kuɗi ne da kotu, kuma littafinsa daban. Game da Kafin Zaki, abin da ya kamata a ajiye a gaban jama'a shi ne nawa ya rage a kashe daga yau, wane amfanin noman rani za a samu, da kuma me manoma, makiyaya da masunta na fadamar Haɗejiya zuwa Nguru za su rasa idan ruwan da ke gangara musu ya ragu.