Idan Gobara ta Kama Ɗakin Majinyata: Gefe Tukuna, Ƙasa Daga Baya

A daren 25 ga watan Mayu na 2022 jarirai 11 suka ƙone a asibitin garin Tivaouane na ƙasar Senegal. Shekara guda kafin nan, a Bagadaza, butelin iskar numfashi ya fashe a asibitin Ibn al-Khatib, mutane 82 suka rasa rayukansu. Galibinsu ba su da ƙarfin tashi da kansu. Gobarar kasuwa, kowa ƙafarsa ke fid da shi. Gobarar gidan likita kuwa, wanda ke kwance sai yadda aka yi da shi.

Mutanen Tasawa da na Mayahi sun saba rakiyar marar lafiya zuwa Maradi, ko Yamai, ko Kano, inda akan iske ɗakunan jinya bisa bene. Da an yi kururuwar wuta, zuciya takan ce wa mai jinya ya sungumi ɗan'uwansa ya nufi matakala. To, wannan ita ce dabarar da masana kashe gobara suke ajewa a ƙarshe.

Ga dalili. A ƙaddara ɗaki mai gadaje 20, cikin dare, ma'aikatan jinya biyu ne ke aiki, kuma shida daga cikin majinyatan ba su iya ko zama. Sauko da mutum guda ta matakala yana cin mutum huɗu, ga robar ƙarin ruwa, ga karaya ko ɗinkin tiyata. In kowace sauka da hawa ta ci minti biyar, na shidan sai ya jira kusan rabin awa, alhali hayaƙi na iya cika ɗaki cikin ƴan mintoci. Amma mutum biyu suna tura gado mai taya tsawon mita 20 cikin kamar minti guda.

Shi ya sa dokar Faransa ta 2004 kan gine-ginen asibiti ta wajabta a raba kowane hawa da ake kwana a cikinsa aƙalla gida biyu, da bango mai jure wuta awa ɗaya, da ƙofa mai rufe kanta. Wuta ta kama wannan sashe, sai a tura gadaje wancan, a rufe ƙofa. Ba a bar benen ba, amma an sami lokaci kafin ƴan kashe gobara su iso.

Ana fara fid da waɗanda ke ɗakin da wutar take, a ja ƙofarsa. Masu iya tafiya su bi mutum guda, masu bukatar tallafi su biyo baya, sa'an nan na kwance, bisa gadajensu. Wanda ke shaƙar iskar numfashi ta bututun bango, a mai da shi kan ƙaramin buteli kafin a rufe bututun sashen. In an yi akasi, an kashe shi ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Da an tsallaka, a ƙirga mutane da littafin ɗakin.

Rayuwar wannan tsari duka tana ga ƙofar nan, kuma ita ce aka fi wulaƙantawa. Saboda zafi, akan tokare ta da dutse ko benci domin iska ta shiga. Masu jinya kuma sun shimfiɗa tabarmi a hanya, ga kwanoni, ga buta. Ƙofar da aka tokare ba ta tare hayaƙi, kuma gado ba ya hawa kan tabarma cike da mutane. Akwai ma gadon da ya fi ƙofa faɗi, ko wanda tayarsa ta cije da tsatsa. Gara a gwada shi da rana tsaka, ba daren gobara ba.

Sauka tana zuwa ne in mafakar ta fara kasawa: hayaƙi na ɓullowa ta gefen ƙofa, ko an kai bayan hannu an ji ta ɗau zafi. A nan ba a shiga na'urar hawa bene, domin kuran na iya ɗaukewa. Akan ɗaure majinyaci bisa katifarsa da zannuwan gado, a zamo da shi ƙafafu gaba, wani na riƙe ta wajen kai.

Inda ginin na ƙasa ne, kamar yawancin gidajen likita na karkara, ɗakin da ke maƙwabtaka shi ne mafaka, muddin akwai fili tsakani. A zaɓi na ɓangaren da iska ke fitowa. Lokacin hunturu, gabas ke nan ko arewa maso gabas.