Ba malamar likita ce ta ci kuɗin maganin ba

Ƴan uwa ɗalibai, mu daina ɗora wa malaman likita laifin da ba nasu ba. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma awon ciki. Amma wannan kyautar bashi ce. Likita tana ba da magani yau, gwamnati ta biya daga baya, kamar yadda kamfanin inshora yake biya wa wanda ya yi rajista. Tsakanin su biyun akwai mai tantance takardun kuɗi, kuma nan ne hanyar take toshewa.

A ɗauka wata uwa daga wani ƙauye na Gazawa ta kai ɗanta mai zazzaɓi CSI. An gwada jininsa, an ba shi maganin maleriya, ba ta biya ko dala ba. Majo zai rubuta yaron a rajista, ƙarshen wata ya haɗa faktir ya aika gundumar lafiya. Daga can takarda ta bi ta Maraɗi ta nufi Yamai. In an tarar shekarun yaro ba su fito ba, ko lissafi bai dace da rajista ba, sai a maido ta. Ko ta wuce lafiya, kuɗin kan yi watanni, har shekaru, bai zo ba. To da me majo zai sake sayo magani? Farmasi ta bushe, uwa ta gaba a miƙa mata ordonas ta je ta saya waje. Ita kuwa wadda take gani gabanta za ta zaga.

An kafa INAM don ta riƙe wannan aiki na tantancewa da biya. Madalla. Sai dai wa ya taɓa ganin lambar wayarta manne a bangon likitar garinsu? Mai tsakanin da majinyaci bai san ƙofarsa ba, gaskiya ya ji daɗi da yawa.

In kun maƙale, ku fara da tambaya guda: maganin nan ƙarewa ya yi, ko dama ba ya cikin na kyauta? Amsoshin biyu ba ɗaya ba ne. In ƙarewa ya yi, majo za ku gani, sannan shugaban COGES, kwamitin mutanen gari da ke sa ido kan asusun likita. Shi ya kamata ya san faktir ta wata nawa ake bin gwamnati. In kuwa an karɓi kuɗi kan abin da doka ta ce kyauta ne, ku nemi rasit, ku adana ordonas, ku kai wa babban likitan gunduma, a Agye, Gazawa ko Gidan Runji. Ya yi shiru, sai ofishin lafiya na jiha a Maraɗi. Ku kai ƙorafin a rubuce, da rana da sunan maganin, ku riƙe kwafi ɗaya a hannu.