Kyautar da za ki raba ita ke zaɓar miki jama'a

Sallah na matsowa ko lokacin bukukuwa, masu sana'a a Instagram da Facebook sai su shiga rabon kyauta. Mai atamfa ta sa waya, mai turaren wuta ta sa kuɗi, mai takalma ya sa data. Sharaɗin kusan ɗaya ne ko'ina: bi shafinmu, danna alamar so, ambaci abokai uku. Kwana biyu shafi ya cika maƙil, mai kaya tana murna kasuwa ta buɗe. Ana sanar da wanda ya ci sai wuri ya yi tsit, kayan nan suna jibge a shago yadda aka bar su.

Ni dai ban ga laifin waɗanda suka watse ba. An ce za a raba waya, masu son waya suka zo. Duk mai rai yana son waya da kuɗi da data, daga ɗan sakandare a Legas har wanda ya buɗe shafi biyar don wannan farauta kaɗai. Kyauta rariya ce, kuma kuɗi da waya ba sa tace kowa. Idan kina sayar da turaren wuta, ki raba turaren wuta. Wadda za ta ɓata lokacinta a kan kwalbar humra da kajiji ta san darajarsu, kuma watarana za ta saya, ko a wurinki ko a wurin wata.

Wani zai ce to a sa sharaɗin sai an yi sayayya kafin a shiga. Wannan ma ba ya tsare komai idan kyautar ta fi ƙarfin kayan. A 1992 kamfanin Hoover mai na'urar share ɗaki ya yi wa mutanen Birtaniya alkawarin tikitin jirgi biyu zuwa Amurka ga duk wanda ya sayi kayan fam 100. Tikitin sun ninka wannan kuɗi sau da yawa, don haka mutane suka yi ta sayen na'urar da ba su da buƙata, suna karɓar rasit suna neman inda za su sayar da ita. Kamfanin ya kasa cika alkawari ga da yawa, aka shiga kotu, asara ta kai kusan fam miliyan 50, kuma a 1995 aka sayar da reshensa na Turai. An yi ciniki kam, amma tikiti mutane suka saya.

Mu ƙaddara wata mai turare ce a Kano, mu yi mata lissafi iri biyu. A na farko ta sayi waya ta naira 150,000, ta samu sababbin mabiya 3,000, shida daga cikinsu suka yi sayayya. Idan ribarta a kan cinikin naira 10,000 ita ce 3,000, ta samu 18,000 ke nan a kan 150,000 da ta kashe. Lissafin dokin Rano. Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Manhajojin nan suna lura da yadda mabiya ke karɓar abin da aka wallafa, idan suka ga ana wucewa ba a tsayawa sai su rage yaɗa shi. Taron da ba ruwansa da turare yana iya sa tsofaffin kwastomominta su daina ganin kayanta.

A na biyu ta haɗa kwandon turare daga shagonta, wanda take sayarwa 30,000 amma ita 18,000 ya tsaya mata. Hanyar shiga ita ce a turo mata saƙo ta WhatsApp, a faɗi garin da ake, da irin turaren da aka fi so, da ko na ɗaki ake nema ko na kayan amarya. Wannan ɗan aikin na minti biyu yana korar mafi yawan 'yan a-ci-bulus, domin su sun saba da danna abu su wuce. Mu ce mata 200 ne suka shiga. Da ganin adadin sai a raina shi, amma yanzu tana da lambobi 200 na mata masu amfani da turare, a garuruwan da take iya aika kaya, kuma ta san abin da kowacce ke so.

Ranar da aka fitar da mai nasara ne aikin ke farawa, kuma nan ne akasari ake sakaci. Sauran 199 ɗin suna nan da kwaɗayin kwandon da suka gani. Sai ta tura wa kowacce saƙo, ta ce Hajiya ba a dace ba wannan karon, amma ga ragin kashi 10 cikin ɗari na kwana bakwai, a ambaci kalma kaza wajen oda. Kalmar ita ce za ta nuna mata cinikin da gasar ta kawo, ba sai ta yi kirdado ba. Idan 30 suka sayi kayan 10,000, ribar kowanne bayan ragi 2,000 ce, jimla 60,000. A cire 18,000 na kwando da 3,000 na aike, saura 39,000. Ko goma ne kawai suka saya, abin da ta rasa bai wuce naira dubu ɗaya ba. Sai dai ta faɗa tun farko cewa za ta turo tallar kaya ta lambar da aka shiga da ita, wadda kuma ta ce a daina a daina.

Batun "ambaci abokai uku" kuwa, mutane da yawa ba su san cewa dokokin Facebook sun hana a sa shi, ko yaɗawa a shafin mutum na kansa, a matsayin sharaɗin shiga gasa ba. Ko ba don dokar ba, su wa ake ambata? Mai farautar kyauta 'yan'uwansa mafarauta yake kira. Gane su ba wuya: shafi ba hoto, yana bin mutum dubbai ba mai bin sa, duk abin da ya taɓa rubutawa roƙon Allah ya sa ya ci ne.

Wanda ya fi son ya ɗaura gasar a kan sayayya, wato kowane rasit ya zama ƙuri'a, ya tuntuɓi malaminsa tukuna. Malamai sun yi saɓani a kai, kuma waɗanda suka halatta sukan gindaya sharaɗin kada a ƙara farashi saboda gasar, kada kuma mutum ya sayi abin da ba ya buƙata don ƙuri'a kawai, in ba haka ba an leƙa ƙofar caca. Manyan garaɓasa kuma suna da hukuma a kansu, a Najeriya akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

A rubuta ƙa'idoji tun ranar farko: ranar rufewa da ƙarfe nawa, garuruwan da aka yarda su shiga, da wanda zai biya kuɗin aike. A fitar da ƙuri'a kai tsaye a bidiyo, domin in aka ga ƙanwar mai shago ce ta ci, ko da gaskiya ne, ba mai yarda. A kuma sanar a fili cewa ba za a nemi ko sisi daga mai nasara ba. 'Yan damfara sukan buɗe shafi mai suna da hoto irin naki, su bi waɗanda suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna cewa kin ci, turo kuɗin mota, kuma wadda aka cuta ta haka shagonki za ta zo da ƙorafi.