Miliyan Ɗaya a Banki, Dubu Ɗari Takwas a Kasuwa: Lissafin da Ya Kamata Mai Ajiya Ya Sani

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta sauko zuwa kashi 16.05 cikin ɗari a watan Oktoban 2025. Kafin nan, a watan Satumba, Babban Bankin Najeriya ya rage ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 27.5 zuwa 27. Tun daga lokacin nake jin 'yan'uwanmu a Agege da Alaba Rago da Sabon Ibadan suna cewa to, an samu sauƙi, yanzu mutum zai iya barin kuɗinsa a asusu ya yi barci. Ni kuwa na ce a dakata tukuna. Sauƙi kam an samu, amma har gobe kuɗin da ke kwance a asusun ajiya raguwa yake yi, ko da lambar da ke fitowa a waya tana ƙaruwa.

Maganar ta fi shafar irinmu, mutanen Shira da Azare da sauran ƙasar Katagum da ke nema a kudu. Mu ba don naira muke tara naira ba. Wani ɗaki yake so ya tayar a Yana, wani fili yake hari a Azare, wani aurar da 'ya zai yi a Disina, wani kuma takin damina yake tarawa. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce nawa ne a asusu ba. Tambayar ita ce: buhu nawa, bandir nawa, bulo nawa kuɗin zai saya ranar da aka tashi kashe shi?

Masana tattalin arziki sun raba kuɗin ruwa gida biyu. Akwai wanda banki ke faɗa maka da baki, ya rubuta a takarda. Akwai kuma kuɗin ruwa na haƙiƙa, wato abin da ya rage bayan an cire tashin farashin kaya. Lissafin tsaye shi ne ka ɗauki abin da banki ya ba ka, ka ɗebe hauhawar farashi. In an ba ka kashi 8, kaya kuma sun tashi da kashi 5, ka ƙaru da kusan kashi 3. In kuwa kaya sun tashi da kashi 16, to ƙasa ka yi, ba sama ba.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki da shekarar 2024, domin ita ce ta fi cizo. A ce wani ɗan Shira mai sana'ar gwari a Legas ya ajiye naira miliyan ɗaya a ƙarshen Disamban 2023, da niyyar bayan shekara zai yi rufi a gida. Ƙa'idar Babban Banki ita ce mafi ƙarancin abin da za a ba mai asusun ajiya kashi 30 ne cikin ɗari na ma'aunin kuɗin ruwan bankin. A farkon 2024 ma'aunin yana 18.75, a ƙarshenta ya kai 27.5. Wato mai ajiya ya fara da kashi 5 da ɗoriya, ya ƙare da 8.25. Mu yi masa alheri mu ce kashi 8 aka ba shi tun daga farko har ƙarshe. Shekara ta zagayo, ya duba waya, ya ga miliyan ɗaya da dubu tamanin. Ya ji daɗi.

Sai dai a wannan Disamban na 2024, hukumar ƙididdiga ta ce farashi ya tashi da kashi 34.8 a shekara. Ma'ana, kayan da ake saya naira 1,000 bara, bana sai an ba da 1,348. To a nan lissafin ɗebewa ba ya fita daidai, domin lambobin sun yi girma; rabawa ake yi. Ka raba 1,080,000 da 1.348, za ka samu kimanin 801,000. Wannan shi ne ainihin ƙarfin kuɗinsa da farashin ranar da ya ajiye. Ya kai miliyan, ya karɓo dubu ɗari takwas. Kusan dubu ɗari biyu sun tafi, ba ɓarawo, ba gobara, ba kuma wanda zai kai ƙara. Kamar gara ce a cikin azara: daga waje itace lafiya lau, sai an taka a ji ya rufta.

Kuma wannan in komai ya tafi daidai ke nan. A ƙa'idar, wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ba shi da kuɗin ruwan wannan watan, alhali ɗan kasuwa a rana ɗaya ma yana iya cirewa sau huɗu. Ga harajin kashi 10 da ake yanka a kan kuɗin ruwan, ga kuɗin saƙon waya da na kati.

Na san abin da da yawa za su ce: ai mu dama ba ma cin kuɗin ruwa, riba ce, haramun ce. Haka ne, kuma ba ina kiran kowa ga cin ta ba. Amma ƙin karɓar kuɗin ruwa ba ya fitar da mutum daga wannan lissafi. Wanda ya bar miliyan ɗinsa a asusun da ba a ba da komai, ko a akwati ƙarƙashin gado, nasa rabon shi ne 1,000,000 a raba da 1.348, wato kimanin 742,000. Ya yi asarar sama da rubu'in dukiyarsa a shekara guda. In kuɗin ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo, zakka na nan a kansa. Abin lura shi ne, tazarar da ke tsakanin mai karɓa da mai ƙi ba ta kai dubu sittin ba. Babban mai cin kuɗin su biyun ɗaya ne, wato tsadar kaya.

Adashi ma bai tsira ba, sai dai shi a ɓoye yake rarraba asarar. A ce mutum goma sha biyu suna zubin dubu ɗari-ɗari duk wata a irin waccan shekara. Kowa zai zuba daidai da kowa, kowa zai kwashi miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mai kwasar farko ya sayi kayan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu cif. Mai kwasar ƙarshe, bayan wata goma sha ɗaya, abin da kuɗinsa zai ɗauko bai wuce kayan dubu ɗari tara da 'yan kai ba da farashin farko. A takarda an yi adalci, a kasuwa na ƙarshe ya tallafi na farko. Shi ya sa nake ganin a lokacin tsada gara a gajarta adashi, ko a riƙa juya layi, wanda ya kwashi ƙarshe bana ya zama na farko baɗi. Haka zancen yake ga bashi: wanda ya ranta wa ɗan'uwa dubu ɗari biyar aka dawo masa da ita bayan shekara biyu, lada ya samu, amma ya sani sadaka ya yi da wani kaso.

To yanzu da aka ce hauhawa ta sauko fa? Abu biyu. Na ɗaya, saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Kashi 16 na nufin kaya, in an haɗa su jimla, sun fi na bara tsada da kashi 16. Mota ce ta rage gudu, ba baya ta koma ba. Na biyu, a farkon 2025 hukumar ta sauya ma'aunin da take awo da shi, ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, sai lambar ta faɗo daga 34.8 a Disamba zuwa 24.48 a Janairu. Ba a wata ɗaya kasuwa ta yi wannan sanyin ba, mudun ne aka canza. Ko da mun karɓi 16.05 ɗin yadda yake, kashi 30 na 27 shi ne 8.1. Raba 1.081 da 1.1605, za ka ga a Oktoban 2025 mai asusun ajiya yana asarar kusan kashi 7 a shekara. Jinin ya ragu, amma bai tsaya ba.

Sannan lambar gwamnati matsakaiciya ce ta ƙasa baki ɗaya. Kowa yana da tasa hauhawar, gwargwadon abin da yake tarawa dominsa. Buhun siminti da ake saya wajen naira 5,000 a ƙarshen 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024. Mai tara kuɗin bulo a lokacin, cikin 'yan watanni rabin kuɗinsa ya narke, ba kashi 20 ba. Irin wannan mutum, da ya riƙa aika kuɗin a hankali ana saya masa kwano da katako a Azare ana jingewa, da ya tsira da yawa. Siminti kam ba ya ajiyuwa, danshi na sandarar da shi, sai dai a buga bulo.

Amma kada a ɗauka duk abin da ba naira ba ne mafaka. Mu a Katagum mun saba da sayen gero da dawa da wake da kaka a jira bazara. Shekarun 2023 da 2024 sun sa wasu sun ɗauka wannan hanya ba ta faɗuwa. Sai gwamnati ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, farashin hatsi kuma ya karye a kasuwannin arewa a 2025. Waɗanda suka cika shaguna da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ga kuɗin buhu da maganin ƙwari da dako a kai. Hatsi da dabba su ma da wannan awon ake auna su: abin da ka samu, cire ɗawainiya, sannan cire hauhawa.

Ga mai neman halal a takarda, akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017 don gina hanyoyi. Na watan Mayun 2025 yana biyan haya kashi 19.75 a shekara, na tsawon shekara bakwai, ana shiga da naira dubu goma. Dubi yadda lissafin ke juyawa: ranar da aka fitar da shi hauhawa tana wajen kashi 23, wato yana ƙasa da ita. A Oktoban 2025 da ta sauko zuwa 16, mai shi ya kasance gaba da kusan kashi 3. Hayar a tsaye take, hauhawa ce ke yawo, kuma ba wanda ya san inda za ta kwana cikin shekara bakwai. Bankunan Musulunci irin su Jaiz da Taj ma suna da asusun raba riba. A tambaye su nawa suka raba bara, a gwada da tsadar bara. Wanda kuwa ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya, tuna yadda CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ba na cewa a kwashe komai daga banki. Kuɗin asibiti da na motar gida in ta-kwana ta taso, dole su zauna inda hannu zai kai, asarar da suke yi kuma ita ce ladan gadi. Amma kuɗin da aka ware don abu sananne, a rubuta farashin abin ranar da aka fara tari, a sake tambaya duk wata uku. In kuɗin da ke sayen bandir goma na kwano a Azare ya koma sayen tara, to an samu amsa, ko me wayar ta nuna.